Amsoshin Tambayoyinku: Sun ce Methods ya koma ƙarshe

Wasiƙar farko ta yau daga wata mai sauraronmu ce, ɗalibar digiri na uku. Ta ce: "Malam, wata mujalla ta dawo min da takardata, yanzu zan tura wa Scientific Reports. Tawa tsarinta Background, Methods, Results, Discussion, Conclusions, su kuma na ga nasu Introduction, Results, Discussion, sai Methods a ƙarshe. In yanko in liƙa kawai in canja sunaye, shi ke nan?"

To Malama, sannu da ƙoƙari. Yankan da liƙawar ba zai ci miki minti biyar ba, in dai kanun naki da Heading 1 kika yi su a Word, buɗe Navigation Pane kawai ki kama Methods ki ja shi ƙasa, duk abin da ke ƙarƙashinsa zai bi shi. Amma fa ki fara ajiye kwafin tsohon fayil ɗin da wani suna daban, don wata rana za ki neme shi. Background ya koma Introduction, Conclusions ɗinki kuma ki cire masa kanu ki mayar da shi sakin layi na ƙarshe na Discussion. Wannan ɓangaren ba wuya.

Inda aikin yake shi ne duk wani abu da aka jera bisa wanda ya fara fitowa, kuma babbansu lambobin manazarta. Mu ɗauka kina da manazarta 41. Gabatarwa ta ci 1 zuwa 11, Methods ya ci 12 zuwa 19, sauran 20 zuwa 41 suna Results da Discussion. To da Methods ya koma ƙarshe, wanda yake 20 shi ne sabon 12, su tafi har 33, na Methods guda takwas ɗin nan su koma 34 zuwa 41. Kuma ko wannan lissafin ma sai in babu ko ɗaya cikin takwas ɗin da kika sake ambata a Results ko Discussion, in akwai to shi zai tsallako gaba ya ture duk waɗanda ya tsallake da ɗaya ɗaya. In da Zotero kika saka su Alhamdulillahi, zaɓi salon sabuwar mujallar ki danna Refresh. In kuwa da hannu kika buga, to sai dai haƙuri, ki samu takarda ki yi layi biyu, tsohuwar lamba da sabuwa, ki bi su a hankali, kar ki yarda ki ce Replace All zai yi miki, don kina mayar da 20 ta zama 12 kin haɗa ta da tsohuwar 12 ke nan, kuma zai taɓa miki har 20 ɗin da ke cikin alƙalumanki. Yadda za ki gane an yi ɓarna, ki karanta daga sama ki bi lambobin da ido, in kika ga daga 11 an yi tsalle zuwa 20 to ba a gyara ba. Tebur da hotuna ma haka, in Table 1 a Methods kika fara kiransa to yanzu ba shi ne na ɗaya ba.

Sai wanda aka fi mantawa da shi, ni kaina na taɓa faɗawa ciki har mai bita ya ja min layi. Gajartattun kalmomi. Kin rubuta cikakken sunan BMI a Methods don a can ya fara fitowa, yanzu mai karatu zai ci karo da BMI tsirara a Results. Ki bi kowace da Ctrl+F, ki kai bayanin inda ta fara fitowa. Kina nan kuma ki nemo above da below da previously, duk inda kika ce "as described above" alhali abin ya koma ƙasa, ki sa "see Methods".

Sannan ki karanta Results kamar ba ki taɓa ganin aikin ba. A da mai karatu yana isowa nan ya riga ya san su waye aka bincika da yadda aka raba su, yanzu kuwa daga gabatarwa zai faɗo kai tsaye, in ya ga kin ce rukunin A ya fi rukunin B zai ce su waye kuma waɗannan? Don haka kowane ƙaramin sashe ki buɗe shi da jimla ɗaya ko biyu, me aka auna, a kan mutum nawa, don me. Ba wai ki kwaso Methods ɗin duka ki dawo da shi ba, sunan na'ura da irin gwajin lissafin su tsaya can ƙarshe.

Af, kafin in ɗauko wasiƙa ta gaba, ki leƙa Abstract ɗinki. In mai ƙananan kanu ne a ciki sai kin cire su kin haɗe shi ya zama sakin layi ɗaya, kuma su Scientific Reports kalma 200 suke so kar a wuce.