Lacca: Yadda Mai Koyo Zai Goge Abin da Ba Ya So a Hoto da Wayarsa

Assalamu alaikum, jama'a. Kowa ya fito da wayarsa ya buɗe hoto guda, don darasin nan ba ya zama sai hannu yana taɓawa.

Abu na farko da nake so ku riƙe: waya ba ta san abin da ke bayan abin da ka goge ba, domin kyamara ba ta ɗauke shi ba tun farko. Abin da take yi shi ne ta dubi kewayen wurin, ta kwaikwayi launi da zanensa, ta cike gurbin. Shi ya sa gogewa a kan ciyawa, yashi ko sararin sama ke fita fes, amma a kan tayil ko rubutu sai ta yi ta kwaɓa.

To, mu ɗauka hoton ɗanka ne a tsaye a kan ciyawa, ga kwandon shara a gefensa. Mai Samsung ya buɗe Gallery, ya taɓa alamar fensir, ya nemo Object eraser. Mai Google Photos ya shiga Edit ya nemo Magic Eraser. A iPhone sunansa Clean Up, ya zo da iOS 18.1 a 2024, kuma tsofaffin wayoyin ba su da shi, kada ka wahalar da kanka da nema.

Yanzu ka sa yatsu biyu ka zuƙo hoton har kwandon ya girma. Ka zagaye shi da yatsa, ka bar ɗan fili a bakinsa, kada ka matse. Kuma, don Allah, ka haɗa da inuwarsa! Nan ne akasarin masu koyo ke faɗuwa: kwando ya tafi, inuwa tana nan kwance a ƙasa, ko yaro ya gani ya san an taɓa hoton. Idan ka gama zagayewa, mai Samsung ya danna Erase.

Kada ka yi saurin adanawa. Ka sake zuƙowa ka duba wurin da kyau. Layin da yake miƙe ya karkace? Ciyawar ta yi dusu-dusu, ko ganye iri ɗaya ya maimaitu? Ka danna kibiyar komawa baya, ka sake, wannan karon kaɗan-kaɗan: murfi tukuna, sai jiki, sai inuwa.

Wata baiwar Allah tana tambaya, idan kwandon ya rufe ƙafar yaron fa? Hajiya, nan kam aikin ya yi wuya, don wayar za ta ƙirƙiro ƙafar da ba tasa ba. Gara ki yanke hoton daga ƙugu zuwa sama.

Wajen adanawa, masu Samsung da Google Photos ku zaɓi Save copy, don na asalin ya zauna yadda yake.