Ka Gabatar da Kanka, Sai Ka Yi Shiru

Ku dubi idon Alhajin nan. Ya koma kan waya. Saurayin da ke gabatar masa da kansa a zauren taro kuwa bai ma iso shekarar da ya gama karatu a Gaundare a jawabinsa ba.

Tun da bidiyoyin gabatar da kai cikin daƙiƙa 30 suka cika wayoyi, kowa ya haddace jawabinsa ya rage masa tsawo. Amma ba a tsawon ake faɗuwa ba, a ƙarshen ne.

Farkon ba wuya. Gaisuwa daban take, kada ka sa ta a lissafi. A Garwa ko Marwa wataƙila da Fulatanci ko Faransanci za a amsa maka, sai ka bi harshen da aka amsa in kana iyawa. Daga nan suna, sana'a, da wanda sana'ar ke yi wa amfani. Ga misali:

"Sunana wane. Ina gina rumbunan albasa masu shan iska a Marwa, don manomi ya riƙe kayansa har damina, lokacin da buhu ke tsada."

To, a nan mu tsaya. Yawancin mutane sai su ɗora da "ko kuna buƙata?" Ka mai da kanka ɗan talla ke nan, kuma amsar ɗan talla sananniya ce: "Allah ya ba da sa'a." An rufe. Wasu su ce "ku me kuke yi?" Ga tsaranka ba laifi, amma ga dattijon da duk zauren ya sani, ka nuna ba ka san inda ka zo ba.

Tambayar da ke buɗe baki ita ce wadda ta tashi daga sana'arka ta sauka a kan tasa:

"Alhaji, ku da kuke lodi zuwa Duwala, ina kuka fi asara, a ajiya ko a hanya?"

Ba a amsa ta da i ko a'a, kuma ka ba shi girman mai sani. Ni dai a ganina babu ɗan kasuwar da ke ƙin ba da labarin asararsa, riba ce ake ɓoyewa.

Sai ka yi shiru. Ƙirga uku a zuci. Ku ga yadda bakin saurayin nan ke motsi, yana son ƙara bayani. Kada ka ƙara.

In ya ce "a hanya", kada ka jawo shi kan rumbu da ƙarfi. Tambaye shi kwana nawa mota ke yi, domin albasar da ba ta bushe sosai ba tun a ajiya, ita ce ke ruɓewa a mota. Maganar za ta dawo wurinka da kanta.

In kuwa "madalla, madalla" kawai yake yi, idonsa na kan teburin abinci, yi godiya ka sake shi. Lambar WhatsApp sai wanda ya mayar maka da tambaya za ka nema.