Minti Goma na Firgici: Abin da Ke Faruwa a Jiki

Assalamu alaikum, jama'a. Mu ɗauki wata ɗaliba tana zaune a aji, babu abin da ya taɓa ta. Sai ta ji gabanta ya faɗi, zuciya na dukan uku-uku, gumi ya karyo mata, ta ce mutuwa za ta yi.

Daga ƙwaƙwalwa abin ke farawa. Akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ne mai gadi. Da ya yi zaton haɗari, ko da babu, sai ya aika saƙo, wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda su zuba sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, shi ya sa tafin hannu ke sanyi. Shiri ne na tsere wa kura, alhali babu kurar.

To, ku saurara nan, don nan ne aka fi ruɗewa. Yarinyar tana haki, tana jin iska ba ta isarta. Iskar ta ishe ta. Matsalar ita ce tana fitar da kabon dayokzaid, wato iskar da jiki ke fitarwa a numfashi, fiye da kima. Idan ya ragu a jini, hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sai su tsuke, ga jiri. Sinadarin kalsiyam mai aiki a jini shi ma ya ragu, leɓe da yatsu su riƙa yi kamar ana tsira allura, wani lokaci yatsun su ƙandare. A nan ne wata ƙawa za ta ce iska ce ta hau ta. Ita kuwa da ta ga yatsunta haka sai tsoro ya ninku, mai gadi ya sake buga ƙararrawa, adirenalin ya ƙaru. Da haka abin ke hawa, yawanci ya kai ƙololuwa cikin minti 10.

Me ke saukar da shi? Adirenalin ba ya daɗewa. Cikin minti 2 zuwa 3 jiki ya rushe rabin wanda aka zuba. Sannan akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, ita ce birki. Ta fi kamawa lokacin da mutum ke fitar da numfashi, saboda haka muke cewa a ja kaɗan ta hanci, a saki a hankali, sakin ya fi jan tsawo. Kabon dayokzaid ya dawo daidai, jiri ya lafa. Galibi cikin minti 20 zuwa 30 an wuce wurin, sai gajiya kamar an yi dambe.

Kada a sa mata leda ko jaka a baki wai don ta yi numfashi a ciki. Idan asma ce ko ciwon zuciya, an ƙara mata wahala. Kuma in wannan ne karo na farko, ko ciwon ƙirji ya zo mata lokacin aikin ƙarfi, ko ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko ta suma, asibiti za a nufa a duba zuciyar.