Darasi: Auna Karatun Yaro Cikin Minti Biyu

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa, barkanmu da warhaka daga nan birnin Kano. Yau takarda biyu kawai za mu ɗauka, da biro, da agogon waya.

Ka zaɓi labari mai kalmomi 100 cif, wanda yaron bai taɓa gani ba. Wannan sharaɗin kada ka yi wasa da shi, domin yaranmu na allo da Islamiyya sun ƙware a hadda. In ka ba shi shafin da aka biya a aji, zai zubo maka shi tiryan-tiryan ko kallon takardar bai yi ba.

Kwafi ɗaya a hannunsa, ɗaya a naka. Yana karantawa kana bin sa kalma-kalma. Wadda ya faɗa daidai, ka ɗiga mata maki. In ya canza kalma, rubuta abin da ya faɗa a samanta. In ya tsallake, ja mata layi. In ya ƙara tasa, rubuta ta. In ya cije ya kai daƙiƙa uku, faɗa masa, ka ƙirga kuskure ne. Amma in ya yi kuskure ya gyara da kansa, ko ya maimaita, ba a ƙirga masa. Marie Clay ta ƙasar New Zealand ce ta tsara wannan hanyar.

To, ga wata 'yar aji uku da na gwada. Ta gama cikin minti biyu, kuskure takwas. Kenan ta ci 92 cikin 100, kalma 46 daidai a minti guda. Daga 95 zuwa sama, littafin ya yi wa yaro sauƙi. Daga 90 zuwa 94, shi ne daidai wanda za a koyar da shi. Ƙasa da 90 kuwa, ya fi ƙarfinsa, a sauko masa.

Sai dai ni a wurina, abin da ka rubuta a saman kalmomin ya fi lissafin amfani. Da na duba nata, biyar cikin takwas ɗin haruffa masu ƙugiya ne. An rubuta "ɗaki", ta ce "daki". An rubuta "baƙi sun zo gidanmu", ta ce "baki sun zo gidanmu", ta wuce abinta ba ta ko tsaya ba. A hira kuma lafiya lau take furta "baƙi", don haka matsalar ba ta harshe ba ce, idonta ne bai rarrabe k da ƙ ba, kuma ba ta sauraron ma'anar abin da take faɗa.

Sai na ware mata sati guda muna jera "kafa" da "ƙafa", "bari" da "ɓari", kowace jimla in tambaye ta, "Haka ake cewa?" Bayan sati biyu zan sake gwada ta da wani sabon labarin mai tsawon na farko. In ajinka ya cika maƙil, ɗauki yara biyar kullum lokacin tara.