Jawabin Sakataren Walwala a taron ƙungiya, Nima, Akara

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu, 'yan uwa, zan fara da maganar yaronmu da aka biya bonas ɗin ƙarshen shekara a gutsure, domin ita ta dame ni. Ba zan faɗi sunansa ba, yana zaune a cikinmu. Direba ne a wani kamfani a Tema, ya kama aiki ranar 16 ga Afrilu, gundarin albashinsa sidi 2,400 a wata. Disamba ta zo aka lissafa masa sidi 1,100, ya karɓa, ya yi godiya, ya sa hannu. Sa hannun nan ne ya fi yi mini ciwo.

Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ba ta tilasta wa kowane kamfani biyan albashin wata na sha uku, wato bonas ɗin ƙarshen shekara, ba. Haƙƙin yana fitowa ne daga takardar ɗaukar aiki, ko yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta ƙulla da kamfani. Saboda haka kada wanda ya je ofishin manaja yana cewa doka ce, za a kashe bakinsa nan take. Takardar za ka ɗauko. Ta yaron nan ta ce albashin wata guda ga wanda ya cika shekara, wanda bai cika ba a ba shi gwargwadon zamansa.

To mu yi lissafin tare. Daga 16 ga Afrilu zuwa ƙarshen Disamba wata takwas da rabi ne. Ka raba 2,400 gida goma sha biyu, kowane wata ya tara masa sidi 200. Sau takwas da rabi, sidi 1,700 ke nan. Wasu kamfanoni da kwana suke ƙirgawa: kwana 260 ya yi cikin 365, ya tashi kusan 1,710. Wasu kuma cikakken wata kawai suke ƙirgawa, su zubar da rabin Afrilu, ya zama 1,600. Duk hanyar da takarda ta ambata, ita ake bi. Amma babu wadda ta kai mu 1,100.

Ina aka samo 1,100? Ka raba ta da 200, za ka ga wata biyar da rabi. Wato an cire masa wata uku na gwaji, aka fara ƙirga daga tsakiyar Yuli. Takardarsa kuwa babu inda ta ce a cire lokacin gwaji. A watannin ukun nan ya tuƙa mota, ya sha cunkoson hanyar Tema kamar kowa. Sidi 600 suka salwanta, alhali mahaifiyarsa na can Sakkwato tana jiran saƙo. Kowa a ɗakin nan ya san abin da 600 za su yi a gida.

Sai haraji, domin nan ma ana yi wa mutanenmu rufa-rufa. Bonas ɗin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari na gundarin albashin shekara ba, kashi 5 cikin ɗari ake cirewa. A 1,700, sidi 85 ne, ya riƙe 1,615 a hannu. In ka ga an yanke fiye da haka, ka tambayi akanta dalili. Kuma yawanci da gundarin albashi ake lissafi, ban da alawus ɗin mota da kuɗin obataya, don haka kada ka ɗora lissafinka a kan jimillar abin da ke shiga asusunka ka je kana rigima a banza.

Kuɗin wata-wata: mutum goma sha ɗaya ba su biya ba, Ma'aji na da sunayen. Tabarmin makaranta an saya. Ziyarar asibiti an yi.

Na koma kan yaron nan. Masu shirin ajiye aiki su tafi gida kafin ƙarshen shekara, don Allah ku duba takardunku tukuna. Wasu an rubuta cewa sai wanda yake bakin aiki ranar biya zai samu. Ka yi wata goma sha ɗaya, ka tafi a Nuwamba, ka tashi babu ko kwabo. Na san kewar gida, wallahi dukkanmu muna jinta, amma ka daure mako uku.

Kakanninmu sun yi fataucin goro daga Salaga har Kano ba a cuce su a lissafi ba, sai mu ne za a zare wa wata uku muna godiya? Ranar Litinin ni da Ma'aji za mu raka shi da takardar ɗaukar aikinsa da takardun albashinsa tun na Afrilu, mu nemi a gyara a rubuce. In sun ƙi, Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa tana nan Akara, can za mu kai ƙara. Duk wanda ya kama aiki a tsakiyar shekarar nan, ya kawo mini takardarsa bayan Magariba mu ƙirga watanninsa kafin ya sa hannu.