"Ta sha magani": ta riga ta sha ne, ko cewa ake yi ta sha?

[A fuskar allo: hoton wayar hannu da saƙo guda ɗaya, "Ta sha magani da safe."]

Ku dubi wannan saƙo. Kalmomi biyar ne, kuma babu kuskuren rubutu ko ɗaya a ciki. Mu ɗauka wata mata ce daga Bodinga ta turo shi game da 'yarta marar lafiya, aka tattara shi tare da saƙonni masu yawa, aka miƙa wa mai fassara a nan Sakkwato ya juya su zuwa Turanci domin wani ma'aikacin lafiya da ba ya jin Hausa. Me zai rubuta?

Ku saurare ni da kyau, zan faɗe shi sau biyu.

[A fuskar allo: taa shaa / tà shaa]

Taa sha magani da safe. Na ja wasalin, muryata tana sama. Wannan labari ne, an gama, magani ya shiga ciki. Yanzu kuma: tà sha magani da safe. Na gajarta shi, na sauke murya. Wannan umarni ne, ba ta sha ba tukuna, cewa ake yi ta sha. Akwai ma na uku, tâa sha, inda murya ke farawa sama ta gangaro, wato wataƙila ta sha nan gaba. Uku ke nan a baki, amma a rubutun boko duk haruffa biyu ne, "ta". In mai fassara ya ɗauki na farko alhali na biyu ake nufi, takarda za ta nuna yarinya ta sha maganin da ba ta sha ba.

Abin da ya jawo haka shi ne, kowace gaɓa a Hausa tana ɗauke da abubuwa biyu da rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. Na farko tsawon wasali. Wasulanmu biyar ne a rubuce, amma kowannensu yana da gajere da dogo. Garin da muke zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi karinsu ɗaya ne, ja kawai ya raba su: gàrii da gàarii. Na biyu karin sauti, wanda ke zuwa iri uku, sama da ƙasa da faɗau. Kuukaa da murya a sama duka shi ne na hawaye. Ka sauke gaɓar ƙarshe, kuukàa, ka koma bishiyar da ake miya da ganyenta.

In biyun suka haɗu a kalma guda, abin ya fi haka yawa.

[A fuskar allo: farii / farìi / faarìi / fàarii]

Farii, launi. Farìi, rashin ruwan sama. Faarìi, kamar a ɗan fari. Fàarii, jam'in fara, ƙwaron nan mai cin amfanin gona. Manomi a Wamakko ya rubuta "fari ne ya cinye mana gero", to ƙwari ne ko ƙarancin ruwa? Agajin da za a kai masa ya dogara da amsar.

Sai dai ni a ganina, irin waɗannan sunaye ba su ne babbar matsala ba, ko da yake su aka fi kawowa misali. Maƙwabtansu a jimla suna tona musu asiri. Wanda ya ga "buhun gari" ba zai yi zaton birni aka ɗura a buhu ba, kuma "miyar kuka" ba ta taɓa rikita kowa. Shi ya sa muke karanta jarida ba tare da tuntuɓe ba: kunnenmu ne ke mayar da abin da alƙalami ya zubar, ba mu ma lura.

Inda gizo ke saƙa shi ne waɗannan 'yan ƙananan kalmomi da ke gaban aikatau, musamman ka, ya da ta. Su ne ke ɗauke da lokacin aiki, kuma sau da yawa duk ma'anonin suna zama daram a jimla ɗaya. "Ya biya kuɗin" na iya zama shaida cewa an biya, ko kuma neman a biya. Babu maƙwabcin da zai cece ka, sai abin da aka faɗa kafin nan. Mai fassara kuwa galibi ba ya ganin wannan, jimloli ake ba shi a jere, kowace an cire ta daga zancenta.

To yaya mutum zai gane? Ga dabarar da nake amfani da ita: ka mai da jimlar jam'i. A jam'i rubutu ba ya ɓoye komai.

[A fuskar allo: sun sha / su sha / suka sha]

Ka tambayi mai saƙon, ko ka tambayi kanka in kana da cikakken zancen: da yara biyu ne, "sun sha" za a ce ko "su sha"? In "sun sha" ne, aiki ya wuce. In "su sha" ne, umarni ne. In duk biyun sun zauna lafiya, to kada ka yi caca, ka koma wurin wanda ya rubuta. Kada kuma ka ɗauka ƙara "sai" zai raba gardama. "Sai ta sha" tana iya zama sai suka sha, ko sai su sha, ko ma sai sun sha, wato dole.

Mu Sakkwatawa muna da wata 'yar riba a nan. In muna ba da labari cewa muke "tac ce", "yaz zo", "yat tahi", muna ninka baƙin da ke biye. A umarni kuma ga namiji "shi zo" muke cewa. Wanda ya rubuta yadda yake magana ya riga ya rage ruɗanin. Da zarar an gyara masa zuwa daidaitacciyar Hausa, "yaz zo" da "shi zo" duk sun koma "ya zo".

Ajami ma ya ɗan fi boko a wannan fanni. Malaman da suka yi rubutu da shi tun zamanin Shehu suna da alif da wawu da ya na jan wasali, don haka garin tuwo yana iya samun alif ɗinsa. Karin sauti ne ajamin bai kama ba. Masu ƙamus kuwa, irin Bargery a 1934 da Paul Newman a 2007, sun nuna duka biyun, amma ba wanda zai zauna yana ɗora alamomi a saƙon waya, kuma ba na ganin laifinsa.

Abin da mai rubutu zai iya yi bai wuce ƙarin kalma biyu ko uku ba, in ya san za a fassara maganarsa.

[A fuskar allo: saƙon farko ya goge, sababbi biyu sun fito]

"Ta riga ta sha magani da safe." Ko kuwa: "A ba ta magani ta sha da safe."