Amsoshin Tambayoyinku: Layin taki da amfanin masara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau daga wata ɗalibar aikin gona ce a Zariya. Ga abin da ta rubuto:

"Malam, na yi gwajin taki a gonar masara. Na zuba sinadarin naitirojin daga sifiri zuwa kilo 60 a kowace hekta, na auna amfanin, kwamfuta ta zana mini miƙaƙƙen layi, R² ya kai 0.95. Layin ya nuna fegin da ba taki yana ba da tan 1.2, kuma kowane kilo ɗaya yana ƙara kilo 30 na masara. Zan iya rubuta cewa kilo 300 zai ba da tan 10.2?"

'Yata, lissafinki daidai ne, amma kada ki rubuta wannan. Kin auna gona daga sifiri zuwa 60 ne kawai, iyakar abin da layinki ya shaida ke nan. Kilo 300 ya ninka mafi girman abin da kika gwada har sau biyar, wato kusan buhu 13 na yuriya a hekta ɗaya, tunda buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Ba ki da fegi ko ɗaya da ya ga irin wannan takin.

Ɗauko biro mu gwada wani abu. Layinki shi ne y = 1.2 + 0.03x, inda x ke nufin kilon naitirojin, y kuma tan na masara a hekta. Ga wani kuma mai ɗan lanƙwasa da na ƙera don misali: y = 1.2 + 0.036x − 0.0001x². A sifiri, dukansu tan 1.2 suke bayarwa. A kilo 60, dukansu tan 3. A tsakiya, wato kilo 30, naki ya ce tan 2.1, nawa ya ce 2.19. Bambancin kilo 90 ne, bai cika buhu ɗaya na masara ba, kuma fegi biyu da aka zuba wa taki iri ɗaya kan bambanta fiye da haka. Ke nan alƙaluman da ke hannunki ba za su iya tantance wanne ne gaskiya ba. To, mu kai su kilo 300. Naki ya ce tan 10.2. Nawa ya hau har wajen tan 4.4 a kilo 180, sannan ya gangaro ya dawo tan 3. Tazarar ta haura tan 7, buhu saba'in da ɗoriya.

Kuma duk manomi ya san gona ta fi kama da mai lanƙwasar. Buhun farko a ƙasar da ta gaji shi ya fi yin aiki. Da masara ta ƙoshi da naitirojin, sai wani abu dabam ya tsayar da ita: ƙarancin fosfaras, ko ruwa, ko iyakar ƙarfin irin kansa. In taki ya yi yawa, kara kan yi tsawo ya yi laushi iska ta kwantar da shi, gishirin takin kuma kan ƙone saiwa. Duk wannan yana faruwa ne can gaba, inda ba ki auna ba.

R² ɗin nan shi ya fi ruɗar ɗalibai, kuma abin yana damuna ƙwarai. Aikinsa ɗaya ne: ya faɗi yadda ɗigogin da kika auna suka kusanci layin. Ba ya cewa komai a kan kilo 300. Hatta tazarar kuskure da kwamfuta ke zanawa gefe da gefen layi, wadda ke buɗewa in an yi nisa daga tsakiya, an lissafa ta ne bisa zaton layin zai ci gaba a miƙe, alhali zaton ne ake shakka.

Manya ma sun taka wannan sawun. A 2004 mujallar Nature ta buga wani nazari da ya ja miƙaƙƙen layi a kan lokutan zakarun tseren mita 100 na Olamfik, ya hango mata za su wuce maza a 2156. Wani masani ya mayar da martani cewa in aka bi layin zuwa 2636, za a gama tseren kafin a fara shi.

Abin yi shi ne ki rubuta ƙarara cewa layinki yana aiki ne tsakanin sifiri da kilo 60, a wannan ƙasar, a wannan daminar. Ki kuma zana ragowar kuskuren kowane fegi, wato abin da kika auna a cire abin da layi ya faɗa. In feguna na tsakiya suna saman layi, na gefe biyu suna ƙasa, lanƙwasar ta riga ta soma. In Allah ya kai mu damina mai zuwa, ki ƙara feguna a kilo 90, 120 da 180, ki maimaita kowanne aƙalla sau uku.

Allah ya ba da sa'a, 'yata. Ki rubuto mana abin da fegin 180 ya ba ki.